Idan Wa'adi Ya Faɗo Ranar Hutu: Wa Ke Jira, Wa Ba Ya Jira?

A watan Afrilun 2024 Gwamnatin Tarayya ta ayyana Talata 9 da Laraba 10 ga wata a matsayin hutun ƙaramar Sallah. Daren Litinin ba a ga jinjirin watan Shawwal ba, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya sanar cewa azumi zai cika talatin, Sallah ta koma Laraba. Daga nan gwamnati ta ƙara Alhamis 11 ga wata a cikin hutun. Ma'aikata sun yi murna. Amma duk wanda ke da takardar da zai shigar a kotu, ko caki da yake jiran ya faɗa asusunsa, ko bashin banki da zai cika a wannan mako, lissafinsa ya sauya cikin dare ɗaya ba tare da an yi shawara da shi ba.

A zaurukan hira na Takur da sauran unguwannin Dutse, abin da na fi ji a bakin mutane shi ne, "Ai hutu ne, kowa ya san ba a aiki, sai an dawo." Wannan magana gaskiya ce a wani wuri, a wani wuri kuma ita ce ke jefa mutum cikin asarar da ba ta da gyara. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, hutu ba shi da hukunci guda a kan wa'adi. Hukuncinsa ya danganta ga wanda ya rubuta wa'adin. Idan dokar majalisa ce, akwai sassauci amma ƙunci gare shi. Idan Kundin Tsarin Mulki ne a kan ƙarar zaɓe, babu sassauci ko na awa ɗaya. Idan yarjejeniyar banki ce, abin da aka sa wa hannu shi ne alƙali. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya da kalanda a hannu.

Ƙa'idar da kotu ke bi

Tushen lissafin kwanaki a dokokin tarayya shi ne sashe na 15 na Dokar Fassara ta 1964. Abubuwa huɗu daga cikin abin da ya ƙunsa ne suka shafe mu. Na farko, idan aka ce a yi abu cikin kwana kaza daga faruwar wani al'amari, ranar da al'amarin ya faru ba ta cikin lissafi. Na biyu, idan ranar ƙarshe ta faɗo a kan hutu, wa'adin zai ci gaba har ƙarshen rana ta gaba wadda ba hutu ba. Na uku, idan wa'adin bai wuce kwana 6 ba, ana tsame duk ranakun hutun da ke cikinsa. Na huɗu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, hutu a wannan sashe yana nufin ranar Lahadi ko ranar hutun gwamnati. Asabar ba ta ciki.

Mu ɗauka Babbar Kotun Jiha da ke Dutse ta yanke wani ƙaramin hukunci a tsakiyar shari'ar fili, ranar Laraba 27 ga Maris 2024, ta hana ɗaya daga cikin masu shari'ar ci gaba da gini. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba wanda bai gamsu da irin wannan hukunci na tsakiyar shari'a ba kwana 14 ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara, saɓanin hukuncin ƙarshe wanda ake da wata uku a kansa. Ranar 27 ba ta cikin lissafi, saboda haka Alhamis 28 ga Maris ita ce rana ta ɗaya. In aka ƙirga daga nan, rana ta goma sha huɗu ita ce Laraba 10 ga Afrilu, wato ranar Idi. Tun da hutu ce, wa'adin ya matsa zuwa Alhamis 11. Ita ma gwamnati ta mai da ita hutu, sai ya sake matsawa zuwa Juma'a 12 ga Afrilu. Wanda ya kai takardarsa ofishin rajistar kotu ranar Juma'ar nan kafin a tashi, ya shiga cikin lokaci.

Ga inda ake tuntuɓe. A cikin waɗannan kwanaki akwai Juma'ar Ista 29 ga Maris, da Lahadi 31, da Litinin ɗin Ista 1 ga Afrilu, da Lahadi 7, da kwanakin Sallah uku. Mutum zai iya zaton duk waɗannan za a cire masa, tun da kotu ba ta buɗe ba. In ya yi lissafi a kan haka, zai ga yana da lokaci har Alhamis 18 ga Afrilu. Wannan kuskure ne na kwana shida cur. Tun da wa'adin ya haura kwana 6, hutun da ke tsakiyarsa ana ƙirga shi kamar kowace rana. Hutun da ya zo a ranar ƙarshe kaɗai ke da tasiri.

Da wa'adin gajere ne, da lissafin ya bambanta. A ce doka ta ba mutum kwana 5 daga Juma'a 5 ga Afrilun wannan shekarar. Asabar 6 ga wata ita ce ta ɗaya, a tsallake Lahadi, Litinin 8 ta biyu, a tsallake kwanakin Sallah uku, Juma'a 12 ta uku, Asabar 13 ta huɗu, a tsallake Lahadi, Litinin 15 ta biyar. Wa'adin kwana biyar ya cinye kwana goma. Ka ga ke nan mai kwana 14 bai samu ragin hutun tsakiya ba, mai kwana 5 ya samu. Hikimar a bayyane take: wanda ke da mako biyu yana da sararin da zai shirya, wanda ke da 'yan kwanaki kuwa hutu zai iya cinye masa su duka.

Tarkon ranar Asabar

An rubuta Dokar Fassara ne a zamanin da ma'aikatan gwamnati ke zuwa ofis ranar Asabar. Yau ofisoshi a rufe suke, amma lafazin dokar yana nan yadda yake. Wannan ya haifar da wani gibi da ba kowa ke lura da shi ba sai ya faɗa ciki.

A 2023 ƙaramar Sallah ta kama ranar Juma'a 21 ga Afrilu, aka ba da hutun Juma'ar da Litinin 24. Wanda wa'adinsa ya cika ranar Juma'ar nan zai ɗauka cewa sai Talata 25. Amma in aka bi lafazin sashe na 15, rana ta gaba wadda ba Lahadi ba, ba kuma hutun gwamnati ba, ita ce Asabar 22 ga wata. Ƙa'idojin aiki na wasu kotuna sun toshe wannan ɓaraka, sun ambaci Asabar tare da Lahadi da hutu. Sai dai waɗannan ƙa'idoji sun fi shafar wa'adin da su da kansu suka sa, ko wanda alƙali ya ba da. Wa'adin da dokar majalisa ta sa yana ƙarƙashin dokar majalisa. Wanda ya kai takarda ranar Talata ya miƙa wa lauyan abokin shari'arsa sandar da zai doke shi, ko da daga baya kotu za ta ba shi gaskiya. Mai hankali ranar Alhamis 20 ga wata yake kai tasa, ya yi Sallarsa da kwanciyar rai.

Akwai kuma bambanci tsakanin makara biyu. Wanda ya makara wajen ɗaukaka ƙara ta yau da kullum yana iya roƙon kotu ta ƙara masa lokaci. Zai rantse a rubuce ya kawo gamsasshen dalilin jinkirinsa, ya kuma nuna cewa ƙarar tasa tana da hujjar da ta cancanci a saurara. Wannan na cin kuɗi da watanni, kuma kotu na iya ƙi, amma ƙofar ba a kulle take ba. Wanda ya makara wajen fara ƙara tun asali, a inda doka ta ƙayyade lokaci, shi ba shi da wannan gata. Misali, Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ce wanda zai kai jami'i ƙara a kan abin da ya yi a bakin aikinsa ya yi haka cikin wata uku. Ma'aikacin da aka sallama ya tsaya yana rubuta takardun koke har wata ukun suka wuce, yana iya tarar da cewa abin da kotu za ta fara dubawa shi ne kalanda, kafin ta kai ga gaskiyarsa.

Inda sassauci ya ƙare

Duk abin da na faɗa a sama a ajiye shi gefe idan maganar ƙarar zaɓe ce. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, bayan gyare-gyaren da aka yi masa, ya ce a shigar da ƙarar zaɓe cikin kwana 21 bayan ranar bayyana sakamako, kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180 daga shigar da ƙarar, a kuma kammala ɗaukaka ƙara cikin kwana 60 daga ranar hukunci. Rigimar da ta taso kafin zaɓe, irin ta fidda gwani, kwana 14 gare ta.

Lauyoyi sun gwada shigo da sassaucin hutu cikin waɗannan kwanaki, Kotun Ƙoli ta ƙi. A shari'ar PDP da CPC ta 2011, wadda ta taso daga zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekarar, an nemi kotun ta cire kwanakin hutun shekara na alƙalai daga cikin kwana 60. Kotun ta ce Kundin bai cire ba, ita ma ba za ta cire ba: Lahadi da hutun gwamnati da hutun kotu duk suna ciki. Da yake kwana sittin ɗin sun riga sun wuce, aka kori ƙarar ba tare da an shiga cikinta ba. A 2012, a shari'ar ANPP da Goni kan kujerar gwamnan Borno, Mai Shari'a Walter Onnoghen ya kwatanta wa'adin da Kundin ya sa da dutsen da ba ya gusawa: ba a tsawaita shi, ba a faɗaɗa shi, in ya wuce ikon kotu ya wuce tare da shi. A 2014 kuma, a shari'ar Okechukwu da Hukumar Zaɓe, kotun ta nuna cewa shari'ar zaɓe jinsi ce ta daban, ba a lissafa kwanakinta da Dokar Fassara.

Mu dawo gida mu ga yadda wannan ya kasance a aikace. An yi zaɓen gwamnoni ranar Asabar 18 ga Maris 2023. A Dutse an bayyana Malam Umar Namadi a matsayin wanda ya yi nasara ranar Lahadi 19 ga wata. In aka fara ƙirga daga Litinin 20, rana ta ashirin da ɗaya ita ce 9 ga Afrilu, wato Lahadin Ista. Kafin ta akwai Asabar, kafin Asabar akwai Juma'ar Ista wadda hutu ce, bayanta kuma Litinin ɗin Ista. A Kano, inda aka bayyana Abba Kabir Yusuf ranar Litinin 20 ga Maris, ranar ƙarshe ta faɗo a kan Litinin ɗin Ista, 10 ga Afrilu. Da ƙarar fili ce, da dukkansu sun matsa zuwa Talata 11. Da yake ƙarar zaɓe ce, ba su matsa ko'ina ba. Ranar aiki ta ƙarshe ta yau da kullum kafin wa'adin ita ce Alhamis 6 ga Afrilu. Wannan ne ya sa ofisoshin rajistar kotunan zaɓe kan buɗe Asabar da Lahadi da ranakun hutu a irin wannan lokaci. Ɗan takarar da ya zauna yana jiran a dawo daga hutu, ko da katan-katan na hujja ya tara, ya yi sallama da ƙararsa.

Wasu na ganin wannan tsanani ya yi yawa. Ni ina ganin dalilinsa. Kafin a sa waɗannan iyakoki, an ga shari'ar zaɓen gwamna ta kai shekara uku, kamar yadda aka yi a Anambara bayan zaɓen 2003 da Ekiti da Osun bayan na 2007. Wanda bai ci zaɓe ba yana mulki, wanda ya ci yana zarya a kotu. An zaɓi a yi asarar wasu ƙararraki saboda makara a kan a bar kujerar mulki tana lilo.

Banki: ƙofa a rufe, na'ura a farke

Dokar Ranakun Hutu ta ce ba a tilasta wa mutum yin wani abu a ranar hutu wanda ba za a tilasta masa yinsa ranar Lahadi ba. A zamanin da biyan bashi ke nufin tsayawa gaban kanta da kuɗi a hannu, wannan ya wadatar. Yanzu banki ya rabu gida biyu, ɓangaren da ke hutu da ɓangaren da ba ya barci, kuma matsala na tasowa ne idan kuɗin mutum suna ɓangare ɗaya, bashinsa yana ɗaya ɓangaren.

Tura kuɗi nan take daga waya ko daga na'urar masu cire kuɗi na bakin titi yana aiki dare da rana, da Sallah da Kirsimeti. Haka umarnin da mutum ya ba banki na cire wani adadi daga asusunsa a rana kaza, na'ura ke aiwatar da shi, kuma tana bin ranar da aka saka mata. Caki kuwa na wani banki sai ya bi ta zauren musayar caki na ƙasa, wanda ba ya zama sai ranar aiki. Tsarin da Babban Bankin Najeriya ya shimfiɗa shi ne kuɗin caki su samu a ranar aiki ta gaba bayan ranar da aka shigar da shi, abin da ma'aikatan banki ke kira T+1.

Mu ɗauki ɗan kwangila a Takur wanda ke da biyan bashin banki ranar 10 ga kowane wata. Ranar Litinin 8 ga Afrilun 2024 aka ba shi caki na naira miliyan biyu na wani banki daban, ya kai reshensu da hantsi. A makon da babu hutu, kuɗin za su samu Talata 9, kwana guda kafin ranar biya. A wannan mako kuwa ranar aiki ta gaba ita ce Alhamis 11 bisa sanarwar farko, sannan ta koma Juma'a 12 bayan ƙarin hutu. Idan na'urar bankinsa ta nemi kuɗin ranar Laraba 10, za ta tarar da asusu babu komai, ta rubuta cewa ya makara, alhali yana masallacin Idi da takardar shaidar ajiyar caki a aljihu.

Ko bankin na da ikon neman kuɗin ranar hutu? Amsar tana cikin takardar yarjejeniyar bashin, a sakin da ke bayanin ranar aiki. Hanyoyi uku aka saba bi a harkar kuɗi a duniya. Ta farko, a matsa gaba zuwa ranar aiki mai zuwa. Ta biyu, a dawo baya zuwa ranar aiki da ta gabata. Ta uku, a matsa gaba, sai dai in matsawar za ta tsallaka cikin sabon wata, to a dawo baya. Ƙarshen Maris 2024 ya nuna girman bambancin. Ranar 31 Lahadi ce, 1 ga Afrilu hutun Ista. Mai bin hanya ta farko zai biya Talata 2 ga Afrilu. Mai bin ta biyu ko ta uku zai tsallake Asabar da Juma'ar Ista ya biya Alhamis 28 ga Maris. Mutum biyu, wa'adi ɗaya a rubuce, kwana biyar a tsakaninsu. Wanda ke ƙarƙashin hanya ta uku, yana zaton hutu ya ƙara masa lokaci, ashe rage masa ya yi.

Ko da an matsa wa mutum gaba, matsawar ba kyauta ba ce. Kuɗin ruwa kullum ake lissafa su, ba su san Sallah ba. Bashin naira miliyan biyar a kan kashi 30 cikin ɗari a shekara yana tara kusan naira 4,110 a kowace rana, saboda haka matsawa daga Laraba zuwa Juma'a ta ƙara sama da naira dubu takwas. Wannan daban yake da tarar makara, wadda jagorar cajin bankuna ta Babban Banki ta 2020 ta ƙayyade kada ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari a wata na abin da ba a biya ba. A bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, farashin murabaha ba ya ƙaruwa da kwanaki, amma ranar biya tana nan, kuma sunan wanda ya saba makara yana shiga rajistar masu bashi kamar na kowa.

Yadda mutum zai gane an yi masa daidai ko an zalunce shi ba wuya. Ya nemi takardar bayanin asusunsa, ya duba rana biyu da ke gaban kowane shigar kuɗi: ranar da aka rubuta shi, da ranar da kuɗin suka zama nasa ya taɓa. Sannan ya gwada su da sakin ranar aiki na yarjejeniyarsa. In takarda ta ce a matsa gaba amma an ci shi tara tun ranar hutu, yana da hujjar rubuta koke a mayar masa.

Sai maganar hutun jiha. Doka ta ba gwamna ikon ayyana hutu a jiharsa, kuma Jigawa kan yi haka, misali a ranar 1 ga Muharram. A irin wannan rana ma'aikatu da kotunan jiha suna rufe. Amma zauren musayar caki na ƙasa yana aiki, hedikwatar banki a Legas ko Abuja tana aiki, na'urarta kuma ba ta san Dutse na hutu ba. Wanda ke da biya a ranar kada ya jingina da sanarwar gidan gwamnati.

Kasuwa biyu

Kasuwar hannayen jari ta Legas tana rufewa a duk ranar hutun tarayya, kuma kwanakin aiki kawai take ƙirgawa tsakanin ranar ciniki da ranar biya. A watan Yunin 2025 tsarin T+3 ake bi, wato kwanakin aiki uku bayan ciniki. An ba da hutun babbar Sallah Juma'a 6 da Litinin 9 ga wata, ga kuma Ranar Dimokuraɗiyya Alhamis 12. Malamin makarantar da ya sa dillalinsa ya sayar masa da hannun jari ranar Alhamis 5 don hidimar Sallah, ga lissafinsa: Talata 10 rana ta ɗaya, Laraba 11 ta biyu, a tsallake Alhamis, Juma'a 13 ta uku. Kwana uku sun zama takwas, an ci naman layya an side hannu kafin kuɗinsa su fito. A watan Nuwamban 2025 an rage tsarin zuwa kwana biyu, amma hanyar ƙirgar ba ta sauya ba.

Kasuwanninmu na mako-mako kuwa suna da tasu kalandar da ta girmi ta gwamnati. Shuwarin na ci Litinin, Maigatari Alhamis, Gujungu kuma Lahadi, ranar da doka ta kira hutu. A nan wa'adi shi ne "kasuwa mai zuwa". Hutun Ista ko na Ranar Ma'aikata ba ya hana ta ci. Abin da ke ɗaga ta shi ne Idi, kuma in ya ɗaga ta, wa'adi ba ya matsawa da kwana ɗaya kamar na kotu, mako guda yake tafiya. Tsarin yana aiki saboda kowa ya san kowa. Yana ɓaci ne idan ya haɗu da tsarin banki: ɗan kasuwar hatsi ya karɓi kaya a Gujungu ranar Lahadi da alkawarin biya kasuwa mai zuwa, yana dogaro da caki ko kuɗin kwangilar da ba za su motsa ba sai ranar aiki.

Mafi haɗarin wa'adi a wurinmu shi ne "bayan Sallah". Mai bin bashi yana nufin washegari, wanda ake bi yana nufin bayan an gama hawa da yawon Sallah, wani ma har ƙarshen wata. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a rubuta bashi a kuma ambaci ajalinsa. Ajalin da mutum biyu za su fahimta ta hanya biyu bai cika wannan manufa ba, kuma in aka je gaban alƙali babu ranar da za a ce daga ita aka saɓa alkawari.

Abin da ya kamata a gyara

Ina da kira uku. Majalisar Tarayya ta gyara sashe na 15 ta fayyace matsayin Asabar, domin bai dace haƙƙin mutum ya rataya a kan ranar da doka ke ɗauka ta aiki, ofis kuma yana kulle ba. Ma'aikatar Cikin Gida, tun da ta san Sallah na bin ganin wata, ta riƙa fitar da sanarwa mai fuska biyu tun da wuri: in an ga wata ga ranakun hutu, in ba a gani ba ga su. Da an yi haka a 2024, da babu wanda Alhamis ɗin nan ta zo wa ba zato. Bankuna kuma su daina binne sakin ranar aiki a shafi na goma da ƙananan haruffa, su faɗa wa mai karɓar bashi da Hausa: in ranar biyanka ta faɗo hutu, kafin hutu za mu cira ko bayansa.

Kafin a yi waɗannan gyare-gyare, nauyin yana kanmu. Duk wanda ke da wa'adi ya fara tambayar wa ya sa shi, doka ko Kundi ko yarjejeniya. Ya ɗauki kalanda ya ƙirga da yatsa, ya bar ranar farko a waje. In ranar ƙarshe ta kusanci Sallah, ya ɗauka watan zai iya cika talatin. In takardar bashi zai rubuta wa ɗan'uwansa, ya sa rana da wata da shekara, ya ƙara layi ɗaya da ke faɗin abin da za a yi in ranar ta zo a hutu. Sassaucin da doka ta yi an yi shi ne don wanda hutu ya rutsa da shi, bai kamata a gina shiri a kansa ba. Ranar aiki ta ƙarshe kafin hutu ita ce kaɗai ranar da kotu da banki da kasuwa duk suka yarda ba a makara ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari a kan lokacinsa.